Na tara ihtimali ya wuce ɗaya, ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jidda, shekarata ta farko a jami'a. An ba mu wannan aiki: kati 60 ne a cikin kwali, an rubuta musu lamba daga 1 zuwa 60, aka zaro ɗaya ba tare da an duba ba. Mene ne ihtimalin lambar ta rabu da 2, ko da 3, ko da 5? Na tara ukun sai na samu 62/60, alhali na san ihtimali ba ya wuce ɗaya. Malamarmu ta ba mu wata ƙa'ida ta a tara, a cire, a sake tarawa. Na haddace ta, amma ban gane dalilin sake tarawar ba, kuma ban san yadda zan yi ba in abubuwan sun kai huɗu ko goma.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ajiye ƙa'idar tukuna, ki zazzage katunan nan a kan tabarma. Da ido za mu fara, alƙalami ya biyo baya.

Ki ɗauki kati mai lamba 6. Da kika ƙirga masu rabuwa da 2, kika samu 30, yana cikinsu. Da kika ƙirga masu rabuwa da 3, kika samu 20, nan ma yana ciki. Kati ɗaya ne, amma ya amsa suna sau biyu. Ki ɗauki mai lamba 30 kuma. Shi sau uku ya amsa, domin yana cikin 12 ɗin nan masu rabuwa da 5 ma. Ke nan 62 ɗin da kika samu ba adadin katuna ba ne, adadin amsa suna ne. Kamar mai walima ce da ta ba 'yan'uwanta uku aikin rubuta sunayen baƙi, kowace ta kawo takardarta, sai ta tara jimillar takardun ta dafa abinci. Gwaggon da duk ukun suka rubuta, kwano uku aka zuba mata, ita kuwa ciki ɗaya gare ta.

Duk ƙa'idar nan da kika haddace, aikinta guda ne: kowane kati da ya cancanta a ƙirga shi sau ɗaya tak, wanda bai cancanta ba kuma kada a ƙirga shi sam. In kin riƙe wannan, ko kin manta ƙa'idar a ɗakin jarrabawa za ki sake gina ta da kanki.

Mu fara da biyu kawai, mu bar 5 a gefe. Mu kira rabuwa da 2 da sunan A, rabuwa da 3 kuma B. Katunan da ke cikin duka biyun su ne masu rabuwa da 6: wato 6, 12, 18, har zuwa 60, guda 10. Kowannensu ya shiga lissafi sau biyu, don haka a cire su sau ɗaya: 30 da 20 hamsin, a cire 10, saura 40. A rubuce kuwa:

```
P(A ∪ B) = P(A) + P(B) − P(A ∩ B)
```

Alamar ∪ ita ce ittihadi a littattafanku na Larabci, ma'anarta A ko B ko duka biyun. Alamar ∩ ita ce taƙaɗu'i, wato A da B tare. Wannan mataki kowa yana gane shi.

Yanzu mu maido da 5, mu kira shi C. Haɗuwar biyu-biyu ta zama iri uku. Masu rabuwa da 2 da 3 su ne ninkin 6, guda 10. Masu rabuwa da 2 da 5 su ne ninkin 10, guda 6. Masu rabuwa da 3 da 5 su ne ninkin 15, guda 4: wato 15, 30, 45, 60. Jimilla 20. A cire daga 62, saura 42.

A nan gizo ke saƙar. Ki bi kati mai lamba 30 a hankali. A zagayen farko an saka shi sau uku. To a zagayen cirewa fa? Ninkin 6 ne, an cire shi. Ninkin 10 ne, an cire shi. Ninkin 15 ne, an sake cire shi. An saka shi sau uku, an fitar da shi sau uku, ya tashi ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Garin gyaran gira an rasa ido. Katin da ya fi kowa cancanta, wanda ya cika sharuɗɗan uku cif, shi ne aka kora waje. Shi da ɗan'uwansa mai lamba 60, su biyu ne kaɗai a wannan hali. Dole a buɗe ƙofa a dawo da su, sau ɗaya kowanne. Dalilin sake tarawar ke nan, ba wani sirri. Sai 42 ta koma 44, amsarki kuma ita ce 44/60, wato 11/15, kimanin 0.733.

```
P(A ∪ B ∪ C) = P(A) + P(B) + P(C)
             − P(A ∩ B) − P(A ∩ C) − P(B ∩ C)
             + P(A ∩ B ∩ C)
```

Gani ya kori ji, don haka ki tabbatar da hannunki. Ki ware katunan da ba su rabu da ko ɗaya ba: 1, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 49, 53, 59. Guda 16 ne. A cire su daga 60, saura 44. Ɗalibaina sukan manta da 1 da 49 a wannan jeri, saboda suna zaton lambobin da ba sa rabuwa da komai ake nema, alhali 49 bakwai sau bakwai ne, mu kuma ba ruwanmu da bakwai a nan.

Kafin mu wuce, akwai wani tuntuɓe da nake gani kusan kowace shekara a takardun jarrabawa. Ɗaliba takan ce, ai katuna masu rabuwa da 2 da 3 guda 8 ne, domin 30 da 60 suna rabuwa da 5 ma, ta ajiye su gefe tun farko. Sai ta zo ƙarshe ta sake tara su kamar yadda ƙa'ida ta ce. Wannan ya ɓata lissafi. A cikin ƙa'idar, A ∩ B yana nufin duk abin da ke cikin A da B, ko yana cikin C ko ba ya ciki. Ba "A da B kaɗai" ba ne. In kin fi son ware su tun farko, hanya ce mai kyau, amma wata hanya ce dabam: masu cika sharaɗi ɗaya kaɗai 28 ne, masu cika biyu kaɗai 14, masu cika uku 2, a tara kawai ba cirewa, a samu 44. Ko dai ki bi waccan ko ki bi wannan. Haɗa su ne ke kawo asara. Ki lura kuma da 28 ɗin nan: ita ce amsar in da tambayar "ɗaya tak" ta ce. Taki kuwa "aƙalla ɗaya" take nufi. Ki riƙa karanta wannan kalma sau biyu kafin ki fara.

To, in abubuwan sun kai huɗu ko fiye fa? Tsarin bai canza ba, sai dai ya ƙara tsawo. A tara ɗai-ɗai, a cire haɗuwar biyu-biyu, a tara ta uku-uku, a cire ta huɗu-huɗu, haka har a ƙure. In muka kira jimillar ɗai-ɗai S1, jimillar biyu-biyu S2, da sauransu, sai a rubuta:

```
P(A1 ∪ A2 ∪ ... ∪ An) = S1 − S2 + S3 − S4 + ...
```

Hujjarsa ita ce dai bin kati ɗaya da muka yi ɗazu. Ki ƙaddara wani kati ya cika sharuɗɗa huɗu. A zagayen farko an saka shi sau 4. Hanyoyin zaɓo biyu daga cikin huɗu guda 6 ne, don haka an cire shi sau 6, yanzu ana bin sa bashin 2. Hanyoyin zaɓo uku daga huɗu guda 4 ne, an maido shi sau 4, ya koma 2. Sai zagayen ƙarshe ya cire 1, ya tsaya a 1 daidai. Mai cika biyar: 5 − 10 + 10 − 5 + 1, nan ma 1. Ba sa'a ba ce. Lambobin nan su ne na alwatikar Pascal da kuka yi a sakandare, kuma in kin buɗe (1 − 1) da aka ninka a kansa sau m, inda m yake adadin sharuɗɗan da katin ya cika, za ki samu 1 − m + ... da waɗannan lambobi, alamarsu tana juyawa, jimillarsu sifili. A mai da 1 na farko ɗaya ɓangaren, abin da ya rage dole ya zama 1. Saboda haka kowane kati, ko sharaɗi nawa ya cika, sau ɗaya yake fitowa a ƙarshe.

Yanzu bari in faɗa miki abin da wata ƙawarki mai wayo za ta ce miki gobe a aji. Za ta ce duk wannan wahala ce, akwai gajeriyar hanya: a nemo ihtimalin kada ko ɗaya ya faru, a cire daga ɗaya. Kada ta rabu da 2 rabi ne, kada ta rabu da 3 biyu bisa uku, kada ta rabu da 5 huɗu bisa biyar. A ninka ukun a samu 4/15, a cire daga ɗaya, saura 11/15. Amsa ɗaya, cikin layi biyu. Kuma ta yi gaskiya, a wannan tambayar.

Sai ki ce mata ta cire katuna goma na ƙarshe, a bar 1 zuwa 50. Masu rabuwa da 2 sun zama 25, da 3 sun zama 16, da 5 kuma 10, jimilla 51. Ninkin 6 guda 8, ninkin 10 guda 5, ninkin 15 guda 3, jimilla 16. Ninkin 30 guda ɗaya. Lissafi ya ba da 51 − 16 + 1, wato 36, kuma 36/50 shi ne 0.72. Gajeriyar hanyar kuwa za ta ninka 25/50 da 34/50 da 40/50 ta samu 0.272, ta ce amsa 0.728. Bambancin kaɗan ne, shi ya sa yake da haɗari, domin ba ya ihu kamar 62/60 ɗinki. Amma kuskure ne, kuma ƙirga da hannu zai nuna cewa katuna 14 ne suka rage, 36 suka shiga.

Me ya faru? Juya tambayar zuwa "kada ko ɗaya ya faru" halal ne a kowane lokaci. Ninka ihtimalan ne ke da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne abubuwan su kasance masu cin gashin kansu, wato sanin ɗaya ya faru ba ya ƙara ko rage ihtimalin ɗayan. A katuna 60 hakan ya samu ne saboda 60 tana rabuwa da 30, faɗuwa ta zo daidai da zama. A katuna 50 kuwa, cikin masu rabuwa da 3 da 5 su uku, wato 15, 30, 45, ɗaya ne kawai ke rabuwa da 2, ba rabi ba. Sharaɗin ya karye. Ita ƙa'idar sakawa da cirewa ba ta neman wannan sharaɗi sam. Abin da take nema kawai shi ne ki san ihtimalin kowace haɗuwa na gaskiya. Ƙarfinta ke nan, tsadarta ma ke nan.

Akwai ɗan ƙaramin tarko irin wannan da ya kamata in ambata a gurguje. In da tambayar ta ce 4 ko 6, haɗuwarsu ba ninkin 24 ba ce, ninkin 12 ce, domin 12 ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da su biyun. Da 2, 3 da 5 ninkawa ta yi aiki ne saboda ba su da wata lamba da ke raba su tare.

Misalin da ya fi nuna amfanin ƙa'idar nan kuwa, ba a littafi na fara jin daɗinsa ba. Tun ina saurayi a nan Makka, kamar yawancin samarin unguwarmu ta wajen Shari'ul Mansur, nakan yi aikin hidimar alhazai in lokacin ya zo, saboda muna jin Hausa da Larabci. A wancan zamani akan tattara fasfunan fasinjojin mota gaba ɗaya a cikin jaka guda. Wata shekara muna ɗauko alhazai daga Madina, mun tsaya a Zul Hulaifa sun ɗaura harami, sai aka bukaci kowa ya riƙe fasfonsa a duba. Yaron da ke taimaka mini, saboda sauri, ya bi layin kujeru yana miƙa wa kowa ɗaya ba tare da ya buɗe ba. Duk koraye ne, bango iri ɗaya. Motar ta kaure da hayaniya. Wani dattijo ya buɗe ya ga hoton wata hajiya, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar garwashi yana salati. Can baya kuma wani ya ɗaga hannu yana dariya, ya ce shi kam nasa aka ba shi. Mutum arba'in da biyar ne a motar, sai jama'a suka ɗauki abin a matsayin abin mamaki. Ni ma a ranar haka na ɗauka. Sai da na koma karatu na gane cewa da ba a samu ko mutum ɗaya ba, da abin ya fi zama na mamaki.

Mu yi shi da alhazai huɗu, don ki iya bin kowane mataki. Fasfo huɗu, an raba su a makance, kuma duk tsarin rabo daidai yake da ɗan'uwansa wajen yiwuwa. Hanyoyin rabon 24 ne: na farko yana iya samun ɗaya cikin 4, na biyu cikin 3 da suka rage, na uku cikin 2, na ƙarshe abin da ya saura, a ninka su. Wannan ninki shi ake rubutawa 4!. Muna neman ihtimalin aƙalla mutum ɗaya ya samu nasa.

Kowane alhaji ihtimalin ya samu nasa 1/4 ne. Su huɗu ne, don haka S1 ta zama 1 cif. Kin ga irin matsalarki ta sake dawowa: in aka tsaya a nan, sai a ce tabbas ne wani ya samu nasa, alhali kowa ya san ana iya raba su duk a karkace.

Haɗuwar biyu-biyu ita ce wurin da ake bukatar natsuwa. Ihtimalin Alhaji na ɗaya da na biyu su samu nasu tare ba 1/4 sau 1/4 ba ne. In na ɗaya ya samu nasa, fasfo uku suka rage, na Alhaji na biyu yana cikinsu, don haka nasa ihtimalin ya tashi zuwa 1/3. A ninka 1/4 da 1/3, a samu 1/12. Hanyoyin zaɓo mutum biyu daga huɗu guda 6 ne, S2 ta zama 6/12, wato rabi. Uku-uku kuwa: 1/4 sau 1/3 sau 1/2, shi ne 1/24, hanyoyin zaɓo su 4, S3 ta zama 4/24, wato 1/6. Duka huɗun su samu nasu, tsari ɗaya ne cikin 24, S4 ita ce 1/24. Ki lura ihtimalin mutum uku su dace daidai yake da na huɗun su dace, domin in uku sun karɓi nasu, na huɗun ba shi da wani da zai karɓa sai nasa.

```
1 − 1/2 + 1/6 − 1/24 = 15/24 = 0.625
```

Wato cikin tsare-tsare 24, guda 15 suna da aƙalla mutum ɗaya da ya dace, 9 kuma kowa ya riƙe na wani. In kina da rabin sa'a ki jera 24 ɗin a takarda ki ƙirga, aiki ne da ya cancanci a yi shi sau ɗaya a rayuwa. Gajeriyar hanyar ƙawarki a nan za ta ninka 3/4 a kansa sau huɗu, ta cire daga ɗaya, ta ba da kimanin 0.684, ta yi nisa da gaskiya. Da mutum biyu ma abin ya fi muni: za ta ce 0.75, alhali ko dai su biyun sun dace ko sun yi musaya, rabi da rabi.

Ki sake duban lambobin nan: 1, 1/2, 1/6, 1/24. Su ne 1/1!, 1/2!, 1/3!, 1/4!. Adadin mutanen bai bayyana a cikinsu ba. Ko su nawa ne, S1 ɗaya ce, S2 rabi ce, S3 ɗaya bisa shida ce, saboda in mutane sun ƙaru, hanyoyin zaɓo su suna ƙaruwa daidai gwargwadon yadda ihtimalin kowace haɗuwa ke raguwa, sai su cinye juna. Abin da ƙarin mutum ke yi kawai shi ne ƙara gaɓa ɗaya ƙarama a wutsiyar lissafin. Da mutum uku amsar 0.667 ce, da huɗu 0.625, da biyar 0.633, da shida 0.632, daga nan kuma ta kafe. Mutum arba'in da biyar na motarmu 0.632 ne. Da za a cakuɗa fasfunan jirgi guda cike, 0.632 ne dai. Lambar da take dosa ita ce 1 − 1/e, inda e take kimanin 2.718. Kusan sau biyu cikin uku ke nan za a samu wani a bayan mota yana ɗaga hannu. Wannan matsala tsohuwa ce, Bafaranshe Montmort ya tattauna ta tun 1708 a kan wani wasan karta mai kati goma sha uku. Da yawa daga cikin wannan ilimi a teburin 'yan caca ya fara tsiro, mu dai mun ɗauki lissafin mun bar musu teburin.

Kin tambayi goma. A nan dole in gaya miki iyakar ƙa'idar. Abu uku sun ba mu gaɓoɓi 7, huɗu suna ba da 15, goma suna ba da 1,023, ashirin kuma sun haura miliyan ɗaya, domin kowane ƙarin abu yana ninka aikin kusan sau biyu. Na fasfo ya yi sauƙi ne saboda alhazan duk matsayinsu ɗaya a lissafi, kowace haɗuwar mutum biyu 1/12 ce, sai muka lissafa guda muka ninka da adadinsu. In babu irin wannan daidaito, kuma abubuwan suna da yawa, ba mai bin ƙa'idar har ƙarshe.

Abin da ake yi a aikace shi ne a tsaya a hanya, kuma tsayawar tana da doka mai kyau. In kika tsaya bayan tarawa, abin da ke hannunki bai gaza amsar gaskiya ba. In kika tsaya bayan cirewa, bai wuce ta ba. A katunanki, 62 tana sama da 44, 42 kuma tana ƙasa. A fasfo, 1 tana sama, 0.5 tana ƙasa, 0.667 tana sama, gaskiyar tana matse a tsakani. Ana danganta waɗannan iyakoki ga Bonferroni, masanin lissafi ɗan Italiya da ya yi rubutu a kansu a 1936, ta farkon kuma, wato cewa ihtimalin ittihadi ba ya wuce jimillar ɗai-ɗai, ana kiranta da sunan Boole. Ke nan 62/60 ɗinki ba shirme ba ce, rufin sama ce, sai dai rufin da ya wuce ɗaya bai ƙara mana sanin komai ba.

Inda wannan ke da amfani sosai shi ne in abubuwan ba kasafai suke faruwa ba. Ki ƙaddara wata na'ura mai sassa goma, kowane sashe ihtimalin lalacewarsa a rana ɗaya 0.001 ne, lamba ce ta misali kawai. Ba tare da kin san komai game da alaƙar sassan ba, kina iya cewa ihtimalin aƙalla ɗaya ya lalace bai wuce 0.01 ba. In kuma masu cin gashin kansu ne, haɗuwar biyu-biyu guda 45 ce, kowace ɗaya bisa miliyan, abin cirewa 0.000045 ke nan, gaskiyar tana tsakanin 0.009955 da 0.01. Mataki biyu sun wadatar, sauran gaɓoɓin kusan dubu ba sai an taɓa su ba.

Amma kada ki ɗauka kowane ƙarin mataki yana matso da ke kusa. Ki jefa riyal na ƙarfe sau goma, ki nemi ihtimalin fuska ɗaya da kika zaɓa ta fito aƙalla sau ɗaya. S1 biyar ce. S2 ita ce 45/4, wato 11.25, in an cire an faɗa −6.25. S3 goma sha biyar ce, an tashi zuwa 8.75. Lissafin yana lilo yana ƙara nisa kafin ya fara dawowa, kuma sai wajen gaɓa ta takwas yake fara kama da amsa. Iyakokin ba su yi ƙarya ba, amma ba su da amfani. Ga shi kuwa jifan nan masu cin gashin kansu ne na haƙiƙa, don haka a nan ƙawarki ce mai gaskiya: ihtimalin kada ta fito ko sau ɗaya 1/1024 ne, amsa 1023/1024, an gama. Ni a ra'ayina, duk tambayar da ta ce "aƙalla ɗaya", abin da za ki fara tambayar kanki shi ne ko faruwar ɗaya tana taɓa ɗayan. In ba ta taɓawa, kamar jifan kuɗi ko ƙwayar lido, ki juya tambayar ki ninka. In tana taɓawa, kamar zaro abu ba a mayarwa ko rabon fasfo, kuma haɗuwar tana da sauƙin lissafi, sai ki ɗauko sakawa da cirewa.

In kin gama kowane lissafi irin wannan, ki gwada amsar da awo biyu kafin ki miƙa takarda. Amsar ba za ta gaza mafi girman ihtimalin ɗai-ɗai ba, don haka a katunanki duk abin da ya sauka ƙasa da 30/60 kuskure ne, kuma ba za ta wuce ɗaya ba. Sannan kowace haɗuwa ba za ta fi ƙaramin ɓangarenta girma ba: tun da ninkin 15 guda 4 ne, masu cika sharuɗɗan uku ba za su wuce 4 ba. In malamarku ta ba ku tambaya da lambobin da suka saɓa wa wannan, to daga tambayar ne, ki nuna mata cikin ladabi.

Ga wanda za ki gwada da kanki a daren nan. Katunan su zama 1 zuwa 100, a ƙara 7 a kan 2, 3 da 5. Za ki samu gaɓoɓi 15, amma ta ƙarshe sifili ce, domin lamba mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da huɗun ita ce 210, ninkin 105 ma babu shi a cikin kwalin. In kin samu 78/100, kin bi hanya daidai, kuma katuna 22 da suka rage su ne lamba 1 da lambobi 21 da ba sa rabuwa da komai sai kansu da ɗaya, daga 11 zuwa 97.